Ina da jaka, da bel, da sarƙa, amma in na haɗa su kwalliyata ba ta fita

Assalamu alaikum Hajiya. Wata biyu ke nan da na fara aikin sakatariya a nan Maradi. Ina da doguwar riga shuɗiya mai duhu wadda ba ta da zane ko aiki a jikinta, kuma ita na fi son sawa da mayafi ruwan toka. Kayan da nake haɗawa da ita su ne baƙar jaka mai maratayin sarƙa ruwan gwal, da faffaɗan bel mai babban kai da duwatsu, da saitin gwal na lefena (dogon ɗan kunne, sarƙa, awarwaro huɗu da zobe), da farin agogo. Ran nan yayata ta ce na yi kama da tiren mai koli. Na ji ciwo, amma da na duba hoto sai na ga gaskiyarta. In kuma na cire duka, sai in ga kamar ban shirya ba. Don Allah a ba ni shawara.

Ƴarki daga unguwar Zariya, Maradi.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kafin ki buɗe akwatin sarƙoƙi, ina so ki fara tsayawa gaban madubi da rigar da ɗankwali da mayafin kawai, yadda za ki fita da su, ki ƙirga abin da ya riga ya hau jikinki. Mu a nan ba ma fita da riga tsura. Ɗaurin ɗankwali ado ne, mayafin da ya sauko daga kai ko kafaɗa ado ne, kwallin ido da lallen hannu ma haka, kuma duk waɗannan sun ɗauki rabonsu na idon mai kallo tun ba ki taɓa jaka ba. Yawancin hotunan da ƴan mata suke kwaikwaya a waya na matan da ba sa yafa komai ne, wuyansu da ƙugunsu a buɗe, shi ya sa sarƙa da bel da dogon ɗan kunne suke samun wurin zama a jikinsu. Idan aka ɗauko wannan haɗin aka ɗora mayafi a kansa, wurin ya ƙare, sai kaya su hau kan juna. Saboda haka abin da nake so ki riƙe shi ne, a kowace fita abu ɗaya ne zai yi magana da ƙarfi, sauran su yi masa rakiya cikin natsuwa, kuma ke ce za ki zaɓi wannan abu ɗaya kafin ki sa na biyu.

Bari mu fara da bel, domin shi ne ya fi komai sauya siffar doguwar riga, shi ne kuma aka fi yin kuskure a kansa. Bel yana da aiki a kan riga mai faɗi wadda yadinta yake da laushi yana zuba, domin yana tattara yadin ya nuna inda jiki ya rabu biyu. A kan shadda mai sitaci ba ya yin kyau, saboda yadin ba ya lanƙwasawa, sai ya yi tudu sama da ƙasa kamar an ɗaure bakin buhu. A kan riga da zane ko riga da siket ma ba shi da gurbi, tunda ɗinkin ya riga ya raba jikin. Taki doguwa ce marar aiki, don haka tana karɓar bel, amma faɗinsa ne abin dubawa. Ki tsaya tsaye ki karkata gefe guda, inda jikinki ya naɗe nan ne ainihin ƙugunki, kuma galibi yana ɗan sama da cibiya. Daga nan ki sa tafin hannunki a kwance tsakanin ƙashin haƙarƙarinki na ƙarshe da ƙashin kwankwaso. Idan yatsu biyu ko uku ne kawai suka shiga, tsakiyar jikinki gajera ce, kuma bel ɗin da ya wuce santimita 2 zuwa 3 a faɗi zai cinye wurin gaba ɗaya ya sa ƙirjinki ya zama kamar ya zauna a kan ƙugu. Idan tafin hannun ya shiga duka, za ki iya ɗaukar mai santimita 4 ko 5. Wanda ya fi haka faɗi na biki ne, kuma ko a bikin ma ba kowace riga ce take iya ɗaukarsa ba.

Wajen ɗaurawa, ki bar sararin da yatsu biyu za su shige tsakanin bel da riga, sannan ki ɗaga hannayenki sama sau ɗaya ki sauke, domin yadin ya ɗan zamo ya kwanta a saman bel ɗin. Wannan ɗan zubin shi yake sa rigar ta ci gaba da zama sutura ta mutunci, ba ta manne wa jiki ba. Ki kuma zauna a kujera ki gani, tunda aikinki na zama ne: idan kan bel ɗin yana tokare miki ciki ko yana mirginewa gaba, ya yi faɗi ko ya yi tauri, kuma kafin azahar za ki gaji da shi. Bel mai kyau yana zuwa da huda biyar, kuma na tsakiya ne ya kamata ya zama naki. Idan sai kin kai hudar ƙarshe ta ciki, mafi kusa da kan bel ɗin, jelar da ta rage za ta yi tsawo tana reto a gefe, wannan ma wani abu ne da yake ƙara hayaniya a jiki ba tare da mutum ya lura ba. Duk baduku zai iya rage miki tsawon daga wajen kai ya mayar da ƙarfen, aikin da ba ya ɗaukar lokaci.

Wannan bel mai duwatsu da kike da shi, in kin sa shi, to shi ne mai magana a ranar, babu kuma wani abin da za a bari ya ɗaga murya tare da shi. Ni a ganina ba na ofis ba ne. Duwatsun suna ƙyalli daidai inda bakin mayafi yake saukowa, sai ido ya rasa ko mayafin zai bi ko ƙyallin, kuma gefen duwatsun yana kama zaren mayafi mai laushi yana tsinke shi. Ki ajiye shi don ranar suna ko walima, zan dawo kansa. Na aiki, ki nemi siririn bel na fata, santimita 2 da rabi ko 3, ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan goro, mai ƙaramin kai marar ado. A nan Allah ya yi mana baiwa, domin jar akuyar Maradi an san fatarta har ƙasashen waje saboda laushi da ƙarfinta, kuma dukawanmu sun gaji wannan aiki. Ki je da rigar a jikinki a auna ki a kanta, ba a kan wani kaya daban ba, domin kaurin yadi yana ƙara wa ma'auni. Abu guda da za ki kiyaye a fatar gida shi ne rini. Ki jiƙa farin ƙyalle kaɗan ki goga a bayan fatar da gefenta kafin ki biya. Idan launi ya fito a ƙyallen, to gumin bazara zai fitar da shi a kan rigarki. A shuɗi mai duhu tabon ba zai fito sosai ba, amma ranar da kika ɗaura shi a kan farar riga ko ruwan madara za ki yi baƙin ciki. Na taɓa rasa wata farar shadda da nake ƙauna ta wannan hanyar, wata jar jaka ce ta zuba mata launi a kafaɗa a rana ɗaya ta watan Afrilu, kuma duk wankin da aka yi bai fitar da shi ba.

Sai jaka. Matsalar taki ba baƙin launinta ba ne, baƙi yana zama da shuɗi mai duhu lafiya lau idan takalmi ma baƙi ne. Matsalar ita ce maratayin sarƙa, domin sarƙar jaka ita ma kayan ƙarfe ce, kuma ta fi duk sarƙar wuyanki tsawo da kauri. Da zarar kin rataya ta, kin riga kin sa babbar sarƙa a jikinki, sai ki ƙirga ta cikin kayan gwal. Ga shi kuma idan kin rataya ta a giciye daga kafaɗa zuwa ɗaya kwankwason, tana ja layi a karkace, bel yana ja nasa a kwance, bakin mayafi yana ja na uku, duk a tsakanin ƙirji da ƙugu. Waɗannan layuka uku da suke sare juna su ne babban abin da ya sa hoton ya cunkushe, fiye ma da yawan awarwaro. Dokar da nake bi mai sauƙi ce: ranar da na ɗaura bel, jakata a hannu take ko a gwiwar hannu, ranar da zan rataya jaka a giciye kuwa, ba na ɗaura bel. Na san mai hawa kabu-kabu tana bukatar hannayenta biyu, kuma ratayawa a giciye ta fi tsaro a hanya. Babu laifi ki rataya ta a ƙarƙashin mayafi har ki isa, in kin sauka ki mayar da ita hannu.

Game da girmanta, ki duba abin da kike ɗauka da gaske kowace rana. Idan waya ce da makullai da ɗan kuɗi da carbi, jaka mai faɗin santimita 22 zuwa 25 ta isa. Idan kina ɗaukar takardun ofis, takardar A4 tana da santimita 21 a faɗi da kusan 30 a tsawo, don haka ki nemi jaka mai kamar 33 zuwa 35 wadda takarda za ta shiga ba tare da an lanƙwasa ta ba. Ƙaramar jaka da aka cusa wa kaya har zif ya ƙi rufuwa ta fi babbar jaka ɓata kwalliya, haka nan riƙe jaka biyu da leda ta uku. Ki zaɓi mai tsayuwa da kanta idan an ajiye ta a tebur, domin riga mai zubi da mayafi mai zubi suna bukatar abu ɗaya mai tsari da zai daidaita su. Sannan ki ƙirga ƙarfen da ke jikinta: zif ɗaya da maɓalli ɗaya sun isa, amma mai tambari babba da kwaɗon ado da geza da zif uku a gaba ta riga ta gama kwalliyarta ita kaɗai, ba ta bar wa mai riƙe da ita komai ba. Idan kuɗi ya samu, ki sa badukun da zai yi miki bel ya yi miki jaka daga fata mai kusancin launi. Ba dole su zama iri ɗaya sak ba, ruwan goro da ruwan ƙasa ƴan gida ɗaya ne. Kafin nan, ki duba ko sarƙar jakarki mai cirewa ce, domin da yawa da ƙugiya ake maƙala su, sai ki cire ki riƙe ta a hannu ko a sa miki maratayin baƙar fata. A wannan hali bel ɗin ma ya zama baƙi.

Wajen saye, ki bambance fata da roba mai kama da fata. Fatar gaske tana da ƙamshinta, bayanta yana da gashi-gashi, kuma idan kin danna ta da yatsa tana yin ƴan ƙananan tamoji sannan ta koma. Ta roba bayanta yadi ne, gefenta a shafe yake da wani abu kamar fenti, kuma zafin garin nan yana sa ta fara ɓarewa daga hannu da kusurwoyi. Jaka mai ɓarewa ba ta gyaruwa, kuma duk tsadar rigar da aka riƙe ta da ita sai ta ja ta ƙasa.

Yanzu ga saitin lefe. Na san darajarsa a zuciyarki, kuma maƙerin da ya haɗa ɗan kunne da sarƙa da awarwaro da zobe a akwati ɗaya ya yi ne don amarya a ranar da kowa ya zo kallonta. Kasancewarsu a akwati ɗaya bai wajabta su fita tare kullum ba. Ki raba su. Tambayar da za ki yi wa kowane ɗaya ita ce, idan na yafa mayafi, ana ganinsa? Sarƙar wuya mai santimita 40 zuwa 45, wadda take kwanciya a gindin wuya, mayafi yana rufe ta gaba ɗaya idan an zagayo da shi, sai dai ta riƙa leƙowa rabi-rabi tana kama zare. Abin da ake gani rabi-rabi ya fi abin da ake gani duka ɓata tsari. Saboda haka ranar aiki sarƙa ta zauna a gida. Dogon ɗan kunne shi ma haka, tsakanin ɗankwali da mayafi ba shi da filin da zai yi lilo, ga shi za ki riƙa kara waya a kunne sau da yawa a yini. Ƙaramin ɗan kunne mai manne wa kunne, ko ƴar zagayayyiya wadda ba ta wuce faɗin farcen babban yatsa ba, shi ne na ofis.

Wurin da ya rage miki a buɗe shi ne hannu, kuma nan ne ya kamata adonki ya tsaya, musamman ke da hannunki yake kan tebur da takarda kowa yana ganinsa. Agogo a hannu ɗaya, awarwaro ɗaya tak a ɗayan, zobe ɗaya. Awarwaro huɗu suna ƙara duk sanda kika motsa hannu kina rubutu, kuma cunkoso ba a ido kaɗai yake ba, kunne ma yana jin sa. Idan kin yi sabon lalle mai zane har wuyan hannu, ki ajiye awarwaron ma, lallen ya wadatar har sai ya fara dusashewa.

Saura maganar launin ƙarfe, wadda ita ce ta ɓoye a cikin kayanki. Agogonki fari ne, saura duk ruwan gwal. Akwai masu iya gauraya fari da gwal ya yi kyau, amma hakan yana bukatar a maimaita kowane launi da niyya, kuma ban ba ki shawarar ki fara daga nan ba. Ki zaɓi ɗaya a kowace rana, ki tabbata kan bel da ƙarfen jaka da ɗan kunne da abin hannu duk sun bi shi. Ni da zan zaɓa miki, da shuɗi mai duhu da mayafi ruwan toka, azurfa zan ɗauka, domin launukan nan biyu masu sanyi ne kuma farin ƙarfe yana kwanciya a kansu kamar don su aka yi shi. Ga agogon kina da shi. Sai ki ƙara ƙaramin ɗan kunne na azurfa da zobe ko siririn abin hannu irin aikin maƙeran Buzaye, mai zanen nan na layi-layi da ake sassaƙawa da hannu. Azurfar da aka buga wa lamba 925 tana nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, kamar yadda 750 a jikin zinariya take nufin karat 18, 875 kuma karat 21. Aikin hannu ba kullum yake ɗauke da lamba ba, don haka ki saya wurin maƙerin da aka sani. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka gwajinsa yana fallasa baƙin ƙarfe ne kawai. Idan abin hannu ya bar miki kore a fata, akwai jan ƙarfe a cikinsa da ya haɗu da gumi, idan kuma kunne ya yi ƙaiƙayi ya kumbura, ki cire ɗan kunnen nan take, galibi wani ƙarfe ne da ake gaurayawa a kayan araha wanda fatar mutane da yawa ba ta jure masa. Azurfa takan yi baƙi idan ta daɗe a sarari, wannan ba alamar jabu ba ce, ƙyalle mai laushi yana mayar da haskenta. Turare da humra kuma a fara shafa su a bar su su bushe kafin a sa kayan ƙarfe, domin suna cin ruwan da aka shafa wa kayan da ba zinariya tsantsa ba.

To ga yadda safiyar Litinin ɗinki za ta kasance: shuɗiyar riga, siririn bel mai ƙaramin farin kai, jaka a hannu mai launin bel ɗin, takalmi daga gidan launin nan, ƙaramin ɗan kunne, farin agogo, zobe ɗaya. Mai magana a nan ita ce fatar, wato bel da jaka, kuma za ki ga ba ki yi kama da wadda ba ta shirya ba, domin abin da yake nuna shiri shi ne kayan sun san juna. Ranar da kike son gwal, ki ajiye farin agogon ki duba lokaci a waya, ki sa awarwaro biyu da zoben lefe da ƙaramin ɗan kunnen gwal, ki riƙe baƙar jakar, ki bar ƙugu babu bel.

Ranar suna kuwa, rigar nan ɗaya za ta iya kai ki, kuma hanya biyu ce gare ki. Ko dai ki ɗaura bel mai duwatsu, ki kafa ɗauri mai kyau, ki yafa gyale a kafaɗa ɗaya don bel ɗin ya fito duka, ki sa ƙaramin ɗan kunne da zobe, babu sarƙa babu awarwaro, da ƙaramar jaka a tafin hannu. Ko kuma ki bar bel a gida ki fito da saitin lefe, sarƙa da dogon ɗan kunne da awarwaro biyu, tunda wuyan rigar babu aiki kuma shuɗi mai duhu yana fito da hasken gwal sosai. Sarƙa mai nauyi da bel mai duwatsu tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taƙi ɗaya ba, shi ya sa ba sa haɗuwa a jiki ɗaya. Idan kuma atamfa mai manyan furanni ko leshi mai duwatsu kika sa, yadin ne mai magana, sai ki ɗauki launi mafi ƙanƙanta a cikin zanen ki nemi jaka da mayafi irinsa, ki tsaya a ɗan kunne da abin hannu ɗaya.

Kafin ki fita, kada ki yi hukunci da ƙaramin madubin fuska, domin shi yana nuna miki kowane abu shi kaɗai, kuma kowane abu shi kaɗai kyakkyawa ne. Ki yafa mayafi, ki ɗauki jaka, ki sa takalmi, ki ja baya kamar taku uku daga babban madubi, ko ki jingine waya ta ɗauke ki tun daga kai har ƙafa a hasken tsakar gida. Ki rufe ido ki buɗe, ki lura da inda idonki ya fara sauka. Idan ya sauka a wuri ɗaya sannan ya hau fuskarki, kin gama. Idan yana tsalle daga kunne zuwa ƙugu zuwa hannu, ki cire abin da ya fi kusa da wanda kika zaɓa ya yi magana, ki sake dubawa. Ki gwada wannan ranar Lahadi da yamma, lokacin da ba ki cikin sauri, ki ɗauki hoton haɗi biyu ko uku da suka yi miki, ki kuma kira yayarki ta zo ta duba tare da ke, tunda Allah ya ba ta ido.